Yadda ake gane ko rubutu biyu na shafinka sun zama kishiyoyi a binciken Google

Wata Asabar bayan la'asar ɗan yayata ya same ni a shago a Tudun Wada, ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya miƙo mini waya. Yana da ɗan shafinsa na intanet inda yake rubuta bayanan tafiye-tafiye da Hausa: tashoshin mota, kuɗin mota, inda ake sauka. Rubutun da ya fi kawo masa mutane shi ne wanda ya yi a 2021, lokacin da aka fara sayar da tikitin jirgin ƙasan Kaduna zuwa Abuja ta intanet. Ya bayyana yadda ake saye daki-daki, har da yadda ake nuna tikitin a tashar Rigasa. Shekaru rubutun nan yana zaune lafiya a sahun farko na sakamakon bincike.

Ya ce, "Kawu, Google ya yi fushi da ni. Na ƙara wani rubutu a kan jirgin nan don mutane su ƙaru, sai ga shi ma raguwa suka yi."

Masu wannan sana'a ta ɗaga shafuka a sakamakon bincike a Turai sun raɗa wa matsalar wani suna mai nufin cin naman ɗan'uwa. Ni dai kishi nake ce mata, don ya fi kama da abin da ke faruwa: rubutu biyu a gida ɗaya, mai neman ɗaya, kowanne yana so a ce shi aka zaɓa. Ba hukunci ba ne, Google ba ya cin tarar kowa don ya yi rubutu biyu a kan abu guda. Abin da ke faruwa shi ne ya rasa wanne zai gabatar, yau ya ɗauko wannan, gobe ya ɗauko wancan, ƙarfin da ya kamata ya taru wuri ɗaya ya rabu gida biyu.

Sai dai akwai inda mutane da yawa suke tafka kuskure. Ganin rubutunka biyu sun fito a bincike ɗaya ba hujja ba ce. Wani lokaci ma riba ce, ka kama kujera biyu a mota ɗaya. Kafin ka ce kishi ne, sai ka tabbatar da abu uku tare: cewa Google yana musanya su, cewa ka yi asara tun daga ranar da na biyu ya shigo, da cewa buƙata ɗaya suke biya wa mai bincike. In ɗaya ya faɗi, ka nemi ciwon a wani wuri. Ga yadda muka bi su a ranar.

Fara da lissafa waɗanda ake zargi

Matakin farko mai sauƙi ne, kuma ba ya tabbatar da komai. Ka shiga Google ka rubuta wannan, ka sa adireshin shafinka a madadin example.com:

```
site:example.com tikitin jirgin kasa kaduna abuja
```

Zai jero maka abin da ya sani a shafinka da ya danganci waɗannan kalmomi. Mu ya fito mana da huɗu: tsohon rubutun sayen tikiti, sabon da ya yi wata biyar da suka wuce a kan kuɗin tikiti da lokutan tashi, wani a kan yadda ake zuwa tashar Rigasa daga Kawo, da kuma shafin da WordPress yake haɗawa da kansa na duk rubutun da aka liƙa wa alama ɗaya. Ka rubuta adireshinsu a takarda. Kada ka ɗauki jerin da suka fito a nan a matsayin yadda suke fitowa ga jama'a, domin wannan umarni ya kori duk sauran shafukan duniya ya bar naka kaɗai a fili.

Haka nan kada ka dogara da binciken da ka yi a wayarka. Yaron nan ya nuna mini cewa shi a wayarsa tsohon rubutun yana na uku. Na gwada a tawa, sabon ne ya fito, can ƙasa. Sakamako yana canzawa da wurin da kake, da irin na'urar, da harshen da aka saita. Ko ka buɗe Incognito, Google ya san a Kaduna kake. Gani ɗaya a waya ɗaya kamar leƙa kasuwar Barci ne ta taga sau ɗaya, ka ce ka san cinikin wata.

Inda ainihin shaidar take

Shaidar tana cikin Google Search Console, wanda kyauta ne ga duk wanda ya tabbatar da mallakar shafinsa. Yana ajiye bayanan wata 16, kuma wannan tsawon shi ne zai cece ka nan gaba. In da hali ka buɗe shi a kwamfuta, don teburansa suna wahalar karatu a waya.

Ka shiga Performance. A sama akwai akwatuna huɗu: Total clicks, wato sau nawa aka danna, Total impressions, sau nawa shafinka ya bayyana a sakamako, Average CTR, kashi nawa cikin ɗari na bayyanar suka zama dannawa, da Average position, matsakaicin matsayi. Biyun farko ne kawai suke kunne da ka shiga, sai ka danna sauran biyun su ma su kunnu. Lokacin da yake zaɓa da kansa wata uku ne na baya-bayan nan, ka bar shi haka tukuna.

Yanzu sai tacewa. Ka ƙara matata ta Query. A nan mu masu rubutu da Hausa muna da wata matsala da littattafan wannan sana'a ba sa ambata. Mutumin da ke neman jirgin ƙasa zai iya rubuta "kasa", wani ya rubuta "ƙasa" in madannansa suna da harafin, wani kuma, musamman matasa, ya rubuta "qasa". Search Console yana ƙirga kowanne daban. In ka tace da ɗaya kawai, ka bar sauran a waje. Maganin shi ne ka zaɓi Custom (regex) ka sa wannan:

```
tikitin? jirgin [kƙq]asa
```

Haruffan da ke cikin baka mai kusurwa suna nufin ko wanne daga cikinsu ya zo an karɓa, alamar tambayar kuma tana nufin harafin da ke gabanta ko yana nan ko babu. Teburin da ke ƙasa, a sashen Queries, zai nuna maka duk salon da mutane suka bi suka same ka. Mu mun ga kusan ashirin. Wanda ya fi kowanne yawa shi ne "tikitin jirgin kasa kaduna zuwa abuja", ba tare da ƙugiya ba, sai "kudin tikitin jirgin kasa" yana biye.

Wannan matata mai faɗi don ka san filin ne kawai. Ba da ita za ka yanke hukunci ba, kuma ga dalili. A ce duk masu tambayar yadda ake saye suna faɗawa tsohon rubutu, duk masu tambayar kuɗi suna faɗawa sabo. In ka dube su a dunƙule za ka ga adireshi biyu sun raba bayyana kusan rabi da rabi, ka ce kishi ne, alhali kowa yana ɗakinsa ne lafiya lau. Don haka ka ɗauki manyan kalmomin bincike biyu ko uku, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ka canza matatar zuwa Exact query, ka rubuta kalmomin daidai yadda suke a tebur, sannan ka danna sashen Pages.

Ɗan lissafin da yake raba gardama

A nan na fi so a tsaya, domin wannan shi ne abin da na ga mutane ƙalilan ne suke amfani da shi, alhali ba ya buƙatar komai sai tarawa da debewa.

Search Console yana ƙirga bayyana ta hanya biyu a fuska ɗaya. Adadin da ke sama, muddin Query kaɗai ka tace, na shafin ne baki ɗaya: in mutum ya yi bincike sau ɗaya rubutunka biyu suka fito masa, bayyana ɗaya za a rubuta, kuma matsayin wanda ya fi zama sama za a ɗauka. Amma teburin Pages kowane adireshi nasa yake ƙirgawa, don haka wancan bincike ɗaya zai zama ɗaya ga tsoho, ɗaya ga sabo. Bambancin nan shi zai gaya maka ko tare suke fitowa ko kuwa karɓa-karɓa suke yi.

Ga abin da muka gani a kan "tikitin jirgin kasa kaduna zuwa abuja" cikin wata uku. A sama, bayyana 1,260, dannawa 43. A teburin Pages, tsohon rubutu yana da bayyana 750, dannawa 33, matsayi 6.8. Sabon yana da bayyana 540, dannawa 10, matsayi 9.4. Sauran biyun da muka rubuta a takarda ko sau ɗaya ba su fito ba, sai muka soke su nan take.

Ka tara 750 da 540, ka sami 1,290. Ka debe 1,260 na sama, saura 30. Ke nan cikin bincike 1,260, sau 30 ne kawai mutum ya ga rubutun biyu tare. Duk sauran lokutan ɗaya ne ya fito, ɗayan yana ɓoye. Da a ce tare suke fitowa kullum, da kowannensu ya kusanci 1,260 shi kaɗai, jimlarsu ta doshi 2,500. Wannan yanayi na biyu ba abin tayar da hankali ba ne. Tun watan Yunin 2019 Google ya sanar cewa a yawancin bincike ba zai riƙa nuna fiye da sakamako biyu daga shafi ɗaya a sahun gaba ba, saboda haka wanda ya sami biyun ya cinye rabonsa ne kaf. Na taɓa ganin wanda ya haɗe irin waɗannan rubutu biyu da hannunsa saboda ya karanta cewa kishi illa ne, ya mayar da kujera biyu ɗaya.

Wani abin lura a teburin nan: wani lokaci za ka ga adireshi ɗaya ya fito sau uku ko huɗu, kowanne da alamar # da wasu kalmomi a ƙarshensa. Waɗannan ba rubutu daban ba ne, ƙananan linki ne da Google yake sawa a ƙarƙashin sakamako don kai mutum wani sashe na rubutun. Kada ka sa su cikin lissafi.

Lissafin ya nuna suna karɓa-karɓa, amma bai nuna yadda suke yi ba. Don ganin wannan, ka bar matatar Exact query a wurinta, ka ƙara matatar Page, ka zaɓi Compare, ka sa adireshin tsoho a layin farko, na sabo a na biyu. Zanen da ke sama zai zama layi biyu. Ka kashe sauran akwatuna ka bar Total impressions kaɗai don ido ya huta.

Kishi na gaske yana da kama da ba a mantawa. Layin tsoho ya hau kwana biyar ko shida yayin da na sabo yake kwance a ƙasa, sai su juya, sabo ya hau tsoho ya kwanta, kamar igiya biyu da aka tufka. Haka namu ya kasance, mun ƙirga juyi bakwai cikin wata uku. In kuwa ka ga juyi ɗaya tak, tsoho ya sauka sabo ya hau ya zauna daram, wannan ba jayayya ba ce, Google ya riga ya zaɓa. Tambayar da ta rage a lokacin ita ce ko wanda ya zaɓa shi kake so. In kuma layukan biyu suna tafiya a jere ba sa haɗuwa, ka leƙa sashen Devices da Countries, watakila ɗaya masu waya yake fitowa ɗaya masu kwamfuta, ko ɗaya a Najeriya ɗaya a Nijar.

Ka yi hattara da Average position a wannan mataki. Ranar da rubutu bai fito ba sam, ba a sa masa sifili ko ɗari, tsallake ta ake yi. Saboda haka rubutun da ya ɓace rabin wata zai iya nuna matsayi mai kyau, ka ɗauka lafiyarsa ƙalau. Shi ya sa na ce ka kalli bayyana, ita ce ba ta ɓoye ranakun rashi.

Muka maimaita komai a kan "kudin tikitin jirgin kasa". Nan labarin ya bambanta: sabon rubutu ne yake riƙe da kusan dukkan bayyana, layinsa a miƙe. Wato kishin a kan babbar kalmar yake, ba a kan komai ba. Muka rubuta wannan a gefe, don zai yi amfani wajen gyara.

Shin an yi asara, kuma tun yaushe?

Musanya kaɗai ba ta isa ba. In suna karɓa-karɓa amma jimlar dannawa ba ta ragu ba, to ba ka da ciwon da zai sa a yi maka tiyata.

Ka nemo ranar da aka wallafa sabon rubutu. Ka cire matatar Page, ka bar ta Query. Ka danna matatar lokaci, ka zaɓi Compare, sannan Custom, ka sa wata uku na kafin ranar a gefe ɗaya, wata uku na baya-bayan nan a ɗaya gefen. Jimlar shafin za ka duba, ba ta rubutu ɗaya ba, domin in tsoho ya rasa hamsin sabo ya sami hamsin, aljihu ɗaya suka shiga.

Kafin zuwan sabon, tsohon shi kaɗai yana da bayyana 1,340, dannawa 118, matsayi 4.1. Wato kusan mutum 9 cikin ɗari da suka gan shi suna dannawa. Yanzu su biyun a haɗe dannawa 43 cikin bayyana 1,260, bai kai 4 cikin ɗari ba. Masu nema ba su ragu sosai ba, amma masu shigowa sun ragu da kusan kashi biyu cikin uku. Da muka buɗe zanen zuwa wata 16, gangarar ta fara ne kamar mako biyu bayan ranar wallafar.

Wannan dacewar lokaci ita ce mafi ƙarfin shaida, kuma ita ce ya kamata ka fi yi wa tambayoyi, don abubuwa da dama suna yin kama da kishi. Na farko shi ne raguwar masu nema. Binciken tikiti yana tashi gab da sallah da ƙarshen shekara, ya lafa bayansu. Wanda yake da irin wannan rubutu a 2022, lokacin da jirgin ya tsaya daga ƙarshen Maris har farkon Disamba, ba ya buƙatar neman wani dalili a cikin shafinsa. Alamar raguwar masu nema ita ce bayyana ta faɗi amma matsayi yana nan. Namu akasin haka ne, bayyana tana nan matsayi ya zame. In kana shakka, ka kwatanta da watannin nan na bara, wata 16 ɗin ya isa wannan.

Na biyu, Google yakan sauya tsarin jera sakamako sau da dama a shekara, kuma yana rubuta ranakun a Google Search Status Dashboard. In faɗuwarka ta dace da ɗaya daga ranakun, ka cire duk matatu ka ga ko sauran rubutunka ma sun faɗi. In gari duka ake ruwa, ba rufin ɗakinka ne kaɗai ke yoyo ba. Na yaron nan sauran rubutunsa na tashoshin Kawo da Mando ba su motsa ba.

Na uku, ka tabbatar tsohon rubutun bai sami wata cuta tasa ba. Ka liƙa adireshinsa a akwatin URL Inspection da ke can sama, ka duba cewa yana cikin ma'ajiyar Google, sannan ka kwatanta User-declared canonical da Google-selected canonical. Layin farko adireshin da kai ka ce shi ne na asali, na biyu wanda Google ya amince da shi. In ka duba sabon rubutu ka ga Google ya zaɓi adireshin tsoho a matsayin na asali, to ya ɗauke su kwafin juna ya naɗe su wuri ɗaya, kuma alƙaluman duka za su tafi ga wanda ya zaɓa. Wannan wata matsala ce daban, ba za ka ga layi biyu suna tufka ba. Namu kowanne yana tsaye da ƙafarsa.

Buƙata ɗaya suke biya?

An kira magariba, muka je muka dawo, sannan muka shiga tambaya ta uku, wadda ba alƙaluma ke amsa ta ba sai karatu.

Na sa shi ya buɗe rubutun biyu gefe da gefe. Kan tsohon: "Yadda ake sayen tikitin jirgin ƙasa daga Kaduna zuwa Abuja". Kan sabon: "Tikitin jirgin ƙasa Kaduna zuwa Abuja: kuɗi da lokutan tashi". Kalmomi shida iri ɗaya, kusan a jere ɗaya. Da muka gangara, sai ga sakin layi huɗu na farkon sabon an ɗauko su ne daga tsohon, an ɗan sauya kalma nan da can. Kuɗin da lokutan da aka yi alkawari a kai suna can ƙasa.

Na ce, "Kai, wannan ai ba sabon rubutu ka yi ba, tsohon ka sake wa riga."

Ya ce, "Kawu, gani na yi wanda ya shigo neman kuɗi zai so ya san yadda ake saye."

Gaskiyarsa, kuma amsar tasa ita ce ganewar ciwon. In mai neman kuɗi yana son sanin yadda ake saye, mai neman yadda ake saye kuma yana son sanin kuɗi, to mutum ɗaya ne, rubutu ɗaya yake buƙata.

Akwai hanyar gwada wannan ba da ra'ayinka kaɗai ba. Ka bincika kalmomin da kake nufi da tsohon, ka rubuta shafuka goma na farko. Ka bincika waɗanda kake nufi da sabon, ka rubuta goma. Ka ƙirga nawa ne suka fito a duka biyun. Babu wani adadi da Google ya gindaya, amma ni a aikina in fiye da rabi sun maimaitu, ina ɗauka cewa yana ganin tambayoyin biyu abu ɗaya ne. In biyu ko uku ne kawai, tambayoyi ne mabambanta, kowanne ya cancanci rubutunsa. Mu bakwai muka samu.

Abu na ƙarshe da muka duba shi ne linkin cikin gida, wato yadda rubutunsa suke nuna juna. Kalmomin da ka ɗora linki a kansu suna gaya wa Google abin da ke can. A Search Console, sashen Links yana da Internal links, inda za ka ga adireshi nawa ne suke nuni zuwa kowane rubutu. Tsohon yana da tara. Sabon yana da fiye da sittin, saboda ya maƙala shi a gefen kowane shafi, kuma kalmomin da ke kan linkin su ne "tikitin jirgin ƙasa Kaduna zuwa Abuja". Shafukan waje da suka taɓa ambatonsa kuwa duk tsohon suke nunawa. Mutanen waje suna cewa uwargida, mai gidan da bakinsa yana cewa amarya sau sittin. Ba mamaki Google ya kasa tsayawa wuri ɗaya.

Abin da sakamakon ya ce a yi

Da a ce gwajin goma-goma ya nuna tambayoyi biyu ne, da raba musu ɗaki za mu yi: a cire sakin layin da aka kwafo, a sauya kan sabon ya fara da kuɗi da lokuta, a gyara kalmomin linki kowanne ya faɗi abin da yake nunawa. Amma abu ukun duk sun tabbata, sai haɗewa.

Tsohon adireshi muka riƙe, don shi ke da tarihi, shi ke da linkin waje, shi ne kuma yake yawo a zaurukan WhatsApp tun 2021. Muka ɗauko teburin kuɗi da lokuta daga sabon muka sa a cikin tsohon, kusa da sama, ƙarƙashin ƙaramin kai mai ɗauke da kalmomin "kuɗin tikitin jirgin ƙasa", saboda mun riga mun ga sabon yana cin wannan bincike, ba ma so mu zubar da shi. Sannan aka karkatar da sabon adireshi zuwa tsoho da lambar 301, wadda ke nufin an ƙaura har abada. A WordPress akwai ƙananan manhajojin da ke yin wannan, wanda kuma shafinsa ke kan Apache zai iya sa layi ɗaya a fayil ɗin .htaccess:

```
Redirect 301 /kudin-tikiti/ https://example.com/sayen-tikiti/
```

Ka gwada da wannan umarni a Terminal ko Command Prompt na kwamfuta, ka tabbatar layin farko na amsar ya nuna 301, layin location kuma ya nuna tsohon adireshi:

```
curl -I https://example.com/kudin-tikiti/
```

Shi da farko goge sabon kawai ya so yi. Da ya yi haka, duk wanda ya danna linkinsa saƙon 404 mai cewa babu shafin zai tarar, ɗan ƙarfin da rubutun ya tara cikin wata biyar kuma ya bi ruwa. Alamar canonical ma ba ta dace da nan ba: shawara ce ga Google ba umarni ba, kuma an yi ta ne don shafukan da kusan kwafin juna ne, yakan yi watsi da ita in ya ga bambanci. Karkatarwar kuwa ka bar ta aƙalla shekara guda, ni ban ma cika cire ta ba. Muka bi linki sittin ɗin nan muka mayar da su kan tsohon adireshi kai tsaye, muka nemi Google ya sake duba shi ta Request indexing.

Na sa ya rubuta ranar gyaran a bangon littafinsa, na kuma hana shi taɓa rubutun har wata guda, don in ka canza abu biyar a mako ɗaya ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Alƙaluman Search Console sukan makara kwana biyu ko makamancin haka, Google kuma yakan ɗauki kwanaki ko makonni kafin ya gane ƙaurar. Abin da za ka fara nema ba hawan matsayi ba ne. Ka koma Exact query ɗin nan, ka saita lokaci daga ranar gyara, ka buɗe Pages: layi biyu ya kamata su koma ɗaya, bayyanar wannan ɗayan kuma ta yi daidai da adadin da ke sama. In hakan ya faru amma dannawa ba ta dawo ba bayan mako shida ko takwas, to kishin ya ƙare, wani ne daga waje ya sha gabanka, sai ka koma ka karanta abin da shi ya rubuta.

Mako biyar bayan nan ya turo mini hoton fuskar kwamfutarsa: layi ɗaya a tebur, matsayi 4.9. A ƙasan hoton ya rubuta, "Kawu, na fara wani a kan yadda ake sayen tikitin dawowa daga Abuja zuwa Kaduna." Na ce kafin ya ƙara ko kalma ɗaya, ya bincika tafiya da dawowa a Google, ya ƙirgo mini shafuka nawa cikin goma suka maimaitu.